Kwana takwas bai yi min magana ba, in tura mishi ƙorafi ne ko in ja aji?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Jos ce, shekarata 25, ɗinki nake yi a gida. A wajen bikin ƙawata na haɗu da wani, shi ma ɗan Jos ne amma a Abuja yake aiki, yana zaune a Mararaba. Wajen wata biyu kullum sai mun yi catin, har ya ce in ya shigo gari zai zo ya gaida su Mama. Yau kwana takwas ke nan shiru, kuma ba faɗa muka yi ba. Saƙonshi na ƙarshe cewa ya yi aiki ya yi mishi yawa a ofis, ya gaji zai kwanta. Ni kuma na tura mishi "to" kawai, don raina ya ɗan sosu, ranar na gaya mishi Mama ba ta jin daɗi amma ko ya jiki bai sake ce min ba. Ina ganinshi onlayin, kuma duk sitatus ɗin da na ɗora sai ya kalla. Na rubuta dogon saƙo na ce na gode da wulaƙanci, in ya gaji da ni ya faɗa min kawai, amma na kasa turawa. Ƙawata ta ce in na fara yi mishi magana na zubar da ajina. Ni dai ina son shi. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ya jikin Mama? Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne.

Wannan dogon saƙon da ya ƙi turuwa, Allah ne ya taimake ki. Kar ki tura shi. Ba wai don ba ki da gaskiya ba, kina da ita, duk wadda ta saba a tashe ta da ina kwana a kwantar da ita da sai da safe, rana ɗaya ta ji ɗif, dole ranta ya ɓaci. Matsalar ita ce abin da saƙon zai yi idan ya sauka a wayarshi. Ki ɗan tsaya a wajenshi ki gani. Ya buɗe ya tarar da sakin layi uku, kafin ya iya ce miki ko da sannu sai ya fara ba da haƙuri, sannan ya kawo dalili, sannan ya tabbatar dalilin ya kai girman kwana takwas, sannan ya rantse bai gaji da ke ba. Aiki huɗu ke nan kin ɗora mishi a saƙo ɗaya. Mutumin da yake maƙale a gosulon Nyanya da yamma, ko ya shigo ɗaki bayan isha'i ko abinci bai ci ba, cewa zai yi bari in natsu tukuna in ba ta amsa mai kyau, kuma wannan natsuwar ba ta zuwa, sai gobe ta zama jibi.

Kin san yadda mai cin bashi yake yi da mai shagon unguwa. Ba ƙin mai shagon yake ba, amma tun daga ranar da bashin ya wuce lokacin da aka yi alkawari sai ya fara canza hanya, kullum kwanakin na ƙaruwa kunyar na ƙaruwa, har ta kai ko gaisuwa ba ya iya tsayawa yi. Shirun catin ma haka yake tafiya a wajen mutane da yawa. Kwana biyu na farko aiki ne da gaske ya riƙe mutum, daga na uku kuma kunya ce ta karɓa, ya rasa da wace fuska zai dawo, me zai fara cewa. Ƙorafi yana ƙara mishi bashin ne. Saƙo mai sauƙi kuma cewa yake zo ka wuce ta nan, ba yau za a yi lissafi ba.

Sannan akwai abin da zan faɗa miki da wataƙila ba zai yi daɗin ji ba. A ƙofarki hirar nan ta mutu. Ke kin san dalilin da ya sa kika rubuta "to" ɗin nan a bushe, shi fa bai sani ba. Abin da ya gani shi ne ya ce ya gaji, yarinyar da ta saba ce mishi sannu da aiki, Allah ya huta gajiya, ta jefo mishi harafi biyu ta yi gaba. Yana iya yiwuwa shi ma can yana zaune yana cewa ta canza min, bari in ga ko za ta neme ni, kuma ƙila shi ma akwai wani abokinshi da yake hura mishi kunne kamar yadda ake hura miki. Ban ce lallai haka ne ba. Yana iya zama sakaci ne kawai, yana iya zama kuma zuciyarshi ce ta fara ja da baya, wannan ma yana faruwa, ba zan ɓoye miki ba. Amma daga inda kike zaune a Jos ba ki da hanyar rarrabe waɗannan ukun, kuma wayarki ba za ta rarrabe miki ba.

Ina nufin wannan onlayin ɗin da kike ta leƙawa. Abin da yake nunawa kawai shi ne WhatsApp a buɗe yake a wayarshi kuma akwai data, bai ce yana hira da wata ba, bai ce ya ga sunanki ya kauda kai ba. Ma'aikatan Abuja da yawa rabin aikinsu a guruf ɗin ofis ake yin shi, oga ya turo abu ƙarfe goman dare dole a amsa. Kallon sitatus shi ma ba hujja ba ne mai ƙarfi ta kowane ɓangare, don idan mutum ya buɗe na wani, su kansu suke bin juna har a zo kan naki ko bai nufa ba. Abu ɗaya da za ki iya ɗauka a ciki shi ne bai toshe ki ba, kuma lambarki na nan a wayarshi, tunda sai wanda kuka ajiye lambar juna ne yake ganin sitatus. Wanda ya toshe ki, hotonshi zai ɓace, ba za ki ƙara ganin onlayin ɗinshi ba, saƙonki zai tsaya a tik ɗaya ba zai taɓa zama biyu ba, kira kuma ba zai shiga ba. Ba a nan kike ba. Don haka ki daina bincike a can, ba za ki samo komai ba sai ciwon kai da ƙarar da data.

Game da ƙawarki, ban ga laifinta ba, kare ki take son yi, ta ga mata da yawa sun bi namiji da saƙo goma a jere yana shanya su. Amma ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Wadda ta turo saƙo ɗaya cikin fara'a ta koma kan kekenta ba ta zubar da komai ba. Abin da yake zubar da aji shi ne ka tura, ka sake turawa da alamar tambaya uku, ka kira sau biyar, ka ɗora sitatus na habaici a kan maza marasa alkawari. Kuma in dai batun wa zai fara ne, mu da aka koya mana cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa sama da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama, ban san daga ina muka samo cewa wanda ya fara magana shi ne ya faɗi ba. Na san naku bai kai gaba ba, amma ai in ana yabon mai fara sallama a inda aka yi faɗa, ina ga inda ko faɗan ba a yi ba.

To yanzu me za ki rubuta. A nan ne mutane suka fi zamewa, don da yawa suna ɗauka in sun sa dariya a ƙarshen ƙorafi ya zama wasa. "Manya an ɓuya." "An daina yayinmu ko?" "Su wane an samu 'yan Abuja an manta da mu." "Ashe kana raye." Duk waɗannan ƙorafi ne aka shafa musu hoda, amsarsu ɗaya ce, wallahi ba haka ba ne, ki yi haƙuri. Kin sake mayar da shi wajen kare kai ke nan. Tsakanin tsofaffin ƙawaye ko abokan wasa irin wannan tsokanar tana wucewa lafiya, don kowa ya san ba abin da zai taɓa zumuncin, amma ku da kuke wata biyu kuma kowa yana ɗar-ɗar, zai karanta ta ne a matsayin tuhuma. Ɗaya gefen kuma akwai saƙon da babu komai a cikinshi, sallama kaɗai, ko "ya kake", ko hannu mai ɗagawa. Wannan ba ya cizo amma ba ya tafiya ko'ina, zai ce lafiya lau ke fa, ki ce lafiya, shi ke nan kun dawo inda kuke, har ma ya fi muni don yanzu kun gwada kun ga hirar ba ta tashi ba.

Saƙon da nake so ki tura yana da abu uku a jikinshi, kuma duka ba za su wuce layi biyu ko uku ba. Ya kasance akwai wani abu takamaimai da ya haɗa ku, wanda ba za ki iya tura wa kowa ba sai shi. Ya ƙare da tambaya ɗaya da zai iya amsawa yana tsaye a bakin titi yana jiran mota. Sannan kar ya ambaci shirun ko da da harafi ɗaya. Ki koma baya a hirarku ki duba, a wata biyun nan dole akwai abin da ya taɓa cewa yana kewa a Jos, ko abin da kuka yi dariya a kai. Misali a ce ya taɓa ce miki abin da ya fi damunshi a Mararaba zafi ne, yana kewar sanyin gida. Sai ki ce: "Salam, barka da yamma. Yau sanyin Jos sai da na saka rigar sanyi biyu, na tuna mai cewa yana kewarshi, da ka zo ka kwashi rabonka. Ya aikin nan da ya taso ku a gaba, an samu sauƙinshi?" Kin ga abin da wannan ya yi. Ya gaya mishi kin tuna da shi, ya nuna kin ji maganarshi ta ƙarshe ba watsar da ita kika yi ba, wato ya goge wancan "to" ɗin ba tare da kin tsaya bayani ba, kuma in ma kunya ce take riƙe da shi kin miƙa mishi dalilin da zai kama da hannunki.

Ko kuma ki yi da hoto, shi ya fi sauƙi ma. Kin shiga Farin Gada sayen kayan miya kin ga an zube dankalin Turawa da kabeji, ki ɗauka ki tura ki ce "ga abin da kuke saya da tsada a can, nawa ake sayar muku da kwando yanzu?" Ko wani ɗinki da kika gama, in dai da ma kin saba nuna mishi aikinki, ki ce "mai kayan ta ce in sa mata baƙin zare, ni na ce ruwan gwal, wa ya fi gaskiya?" Namiji yana son a tambaye shi ra'ayi ko a kan abin da bai sani ba ne, wannan kam na daɗe da lura. Amma fa ya zama gaskiya ne, kar ki ƙirƙiro labarin da babu shi, kuma kar ki yi dabarar nan ta tura saƙo sannan ki ce yi haƙuri ba kai zan tura wa ba, kowa ya san ta yanzu. Saƙon murya ma ki bar shi zuwa gaba, don ba ko'ina ake iya saurara ba, kuma murya tana tona abin da ke rai, za ki ce lafiya lau amma sautin ya ce akwai magana.

Lokacin turawa ma ki duba. Mai zama a Mararaba yana aiki cikin gari da asuba yake fita don ya riga cunkoso, safiyar ranar aiki ba lokacin hira ba ne a wajenshi, zai gani ya ce anjima, anjima kuma saƙonni talatin sun danne naki. Tsakanin magariba da ƙarfe tara ya fi, ko hantsin Asabar. Kar ki tura ƙarfe ɗayan dare, komai sauƙin kalmomin lokacin kaɗai ya isa ya gaya mishi kin kasa barci.

In kin tura, ki bar shi yadda yake. WhatsApp yana ba ki minti 15 ki gyara saƙo, amma zai rubuta Edited a jikinshi, in kuma kika danna Delete for everyone zai bar mishi shaidar cewa an goge wani abu a wajen, ya zauna yana tunanin me ta rubuta. Don haka ki karanta sau biyu kafin ki tura, bayan nan hannunki ya fita. In kin san zuciyarki ba za ta bar ki ba, ki danna Archive a kan hirar don sunanshi ya bar saman allo, ki ajiye wayar a ɗaki ki je ki yanka kayan mutane. Kuma kar ki ɗora komai a sitatus da daren nan, ko wa'azi ne a kan cika alkawari, zai san da shi ake.

Abin da ya sa na fi son wannan hanyar ba wai don ta fi daɗi kawai ba ne, ta fi ba ki labarin gaskiya. In kika yi ƙorafi ya ba ki haƙuri, ba ki san ko so ne ya sa ko kunya ba, kowa yana ba da haƙuri in an tsare shi. In ya yi shiru kuma ba ki san ko ba ya so ne ko tsoron rigima yake ba. Amma saƙon da amsa shi bai fi minti ɗaya ba, babu abin tsoro a ciki, duk abin da ya yi da shi nashi ne. In ya dawo da dariya, ya amsa, ya jefo miki tashi tambayar, balle in shi da kanshi ya ce ki yi haƙuri kwana biyu na ɓace, to hirar tana da rai. A nan kar ki ce ai na ɗauka ka manta da ni, ki ce ba komai, ai na san aiki ne, ku ci gaba. In ya amsa a gajarce, "lafiya lau alhamdulillah", babu tambaya babu ƙari, ki ba shi amsa daidai tsawon tashi ki tsaya, kar ki ɗauki hirar a ka ke kaɗai kina jan ta. Ki ga ko cikin kwana biyu zuwa uku zai nemo ki da kanshi. In kuma tik biyu suka nuna ya shiga, kwana uku suka wuce ko uffan, kar ki ƙara wani saƙon wasa a kai. Shuɗin tik kar ya dame ki, ana iya kashe shi, rashinshi ba ya nufin bai karanta ba.

Maganar Mama kuma ban ce ki haɗiye ta ba. Wannan abu ne na gaske, mutumin da yake cewa zai zo gaida iyayenki ya kamata a ce ya tambayi jikin mahaifiyarki. Sai dai ba da ita ake buɗe ƙofa ba. Ki bari hira ta dawo ta yi kwana ɗaya ko biyu, in da hali a kira ba a rubuce ba, sai ki faɗa sau ɗaya a taƙaice: "Ka san ranar nan na ɗan ji ba daɗi, na ce maka Mama ba lafiya ba ka sake tambaya ba, shi ya sa na amsa maka a gajarce." Ki tsaya a nan, kar ki jero da na watan jiya. Yadda zai karɓi wannan maganar ya fi kwana takwas ɗin nan gaya miki waye shi. Kuma ki lura tun kafin ki faɗa, ƙila da hira ta dawo shi zai fara cewa ya jikin Mama, in haka ta faru da ni ce ke sai in bar maganar ta wuce. A wannan kiran ne kuma za ki iya cewa in aiki ya taso ka ɗan ce min zan yi kwana biyu ban leƙo ba, ya ishe ni. Wannan roƙo ne da mutum zai iya cikawa, ba kamar "ka dinga kula da ni" ba da babu wanda ya san iyakarshi.

In kuwa shirun ya ci gaba, kina da damar saƙo ɗaya na ƙarshe bayan kamar mako guda, shi kuma ba na wasa ba ne, ba na faɗa ba ne: "Ina fata lafiya. Na ga mun yi nisa, in akwai abin da ya canza a wajenka ka faɗa min kai tsaye, ba zan riƙe ka a rai ba." Kina iya kira sau ɗaya a madadin haka in kin fi sakewa da baki, ko kuma in hankalinki bai kwanta ba ko lafiyarshi ƙalau, ki sa ƙawar da kuka haɗu a bikinta ta ji ta wajen mijinta, ba tare da an ce ke kika aiko ba. Daga nan kin gama naki. Kuma ko ya dawo, ki sa ido ki ga ko ɓacewar nan hali ce. Sau ɗaya uzuri ne, amma in ya zama duk bayan sati biyu sai ya nutse ke ce mai nemo hoton dankali ki farfaɗo da hira, to ki daina, ki tambaye shi wace rana ce zai zo gaida su Mama ɗin da ya faɗa. Daga Mararaba in ya bi ta Keffi da Akwanga tafiyar yini ɗaya ma ba ta kai ba, mai niyya zai sa rana.

Wancan dogon saƙon ki kwafe shi daga akwatin hirar ki goge, kar wata rana hannu ya zame ya tafi. Ki rubuto min in ji yadda kuka yi, ki gaida Mama da jiki.